Bitar Zagayowar Ruwa a Daren Gwaji

Zainab: Hauwa, tun da muka idar da isha'i kike kallon zanen nan.

Hauwa: Wallahi kibiyoyin ne suka rikita ni, wata ta yi sama, wata ta yi ƙasa. Na haddace, da na rufe littafi sai ya gudu.

Zainab: To rufe shi. Hijabin da kika shanya da hantsi, ina ruwan jikinsa ya tafi?

Hauwa: Rana ta shanye shi mana.

Zainab: Ba shanyewa ta yi ba. Zafinta ne ya mayar da shi tururi, iska ta ɗauke. Haka ake yi a kan teku kullum, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne. Ruwan ya tashi, gishirin ya zauna.

Hauwa: Tsaya. Ba sai ruwa ya tafasa yake tururi ba?

Zainab: Hijabinki ya tafasa ne a kan igiya? Ko bishiyoyi ma suna fitar da shi ta ganye. Kin tuna ledar da Malam ya ɗaure a reshen darbejiya?

Hauwa: Na tuna! Kafin a tashi duk cikinta ya yi gumi. To idan tururin ya hau sama, shi ne gajimare?

Zainab: A nan ake faɗuwa. Tururin ba a ganinsa. Sai ya haɗu da sanyin sama ya koma ɗige-ɗigen ruwa a jikin ƙananan ƙwayoyin ƙura, taronsu ne gajimare. Kamar murfin tukunyar tuwo: kina ɗagawa ruwa na ɗiga.

Hauwa: In sun haɗu sun yi nauyi sai su zubo, ko ruwa ko ƙanƙara. Amma ƙura ta fi yawa da hunturu, me ya hana ruwa a lokacin?

Zainab: Iskar hunturu daga Sahara take, busasshiya ce, shi ya sa leɓe ke tsagewa. Ta damina kuwa daga tekun Atilantika take ɗauko danshi.

Hauwa: Bari in ƙarasa da kaina. Ruwan da ya sauka, wani ya nutse cikin ƙasa, shi muke ja a rijiya. Wani ya bi kwata da rafi ya faɗa kogi, kogi ya kai shi teku.

Zainab: Namu na Kano fa?

Hauwa: Au, namu ba ya zuwa teku. Kogin Kano da na Challawa su haɗu su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Da yawa ma a fadamun Nguru yake tsayawa, rana ta sake ɗaga shi.

Zainab: Madalla, ƙawata. Ungo fensir, zana min ba tare da kin leƙa ba, kafin tocilan nan ta mutu.

Hauwa: Haska min nan. Rana zan fara zanawa.