Kiran Taimako a Goman Ƙarshe na Ramadan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa Musulmi, barkanmu da ibada. Allah Ya nuna mana goman ƙarshe, kwanakin da ake neman Lailatul Ƙadari a dararen 21, 23, 25, 27 da 29, daren da Alƙur'ani ya ce ya fi wata 1000 alheri.

Tun farkon azumi gidauniyarmu ke kai abincin buɗa-baki gidajen marayu 40. Yanzu rumbunmu ya kusa ƙarewa, abin da ya rage ba zai wuce kwana 3 ba.

Shekaranjiya mun shiga gidan wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ana kiran Magariba ta kurɓi ruwa, ta tura wa yaran kwanon, ta ce ita ta ƙoshi. Ƙaraminsu ya riƙe rigata yana tambaya ko bana za a yi masa ɗinkin Sallah. Wallahi na rasa amsar da zan ba shi.

Annabi (SAW) ya ce wanda ya ciyar da mai azumi yana da lada irin nasa. Muna roƙonku hatsi, tufafi ko kuɗi, kome ƙanƙantarsu. Muna karɓar zakkar fidda kai, sa'i ɗaya kan kowane mutum, mu raba kafin sallar Idi. A daure a kawo kayan Sallah kafin 26 ga wata, saboda tela ya samu lokaci.

Ofishinmu na buɗe kullum daga Azahar zuwa La'asar, kuma muna ba da rasit.

Allah Ya karɓi ibadunmu.

Naku,
Sakataren gidauniya