Takardar Ƙorafi Kan Saɓa Wa Yarjejeniyar Gini

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina rubuto maka ne kan gidan bene mai hawa ɗaya da kake gina mini, bisa yarjejeniyar da muka sa wa hannu a gaban shaidu biyu ranar 14 ga Yuli, 2025. Ranar Asabar da ta wuce na je wurin aikin tare da wani injiniyan da na ɗauko don ya duba mini, muka bi ginin da zane a hannu. Abin da ke ƙasa ya sha bamban da abin da ke takarda. Na haɗo maka hotuna shida, kowanne da ranar da aka ɗauke shi.

Babbar damuwata ginshiƙai ne. Zane ya ce kowane ginshiƙi rodi huɗu ne masu kaurin milimita 16. Hoto na 1 da na 2 sun nuna kawunan rodin da suka leƙo a saman ginshiƙai biyar na ɓangaren falo, ga ma'auni a jikinsu: milimita 12. Kai ka fi ni sanin cewa ƙarfen da ke cikin rodi mai 12 da kaɗan ya haura rabin wanda ke cikin mai 16. Waɗannan ginshiƙan su ne za su ɗauki dakin, wato rufin kankare na hawan ƙasa, da ɗakunan sama, kuma a ƙarƙashinsu iyalina za su riƙa zama dare da rana. Da aka tambayi shugaban leburorinka, cewa ya yi abin da aka kawo musu ke nan. Da na makara da mako guda, da an zuba kankare an rufe, ba mai sake gani. Wannan tunanin ya hana ni barci tun ranar Asabar.

Hoto na 3 da na 4 bangon baya ne da na gefen gabas. Mun yi da kai cewa duk bangon waje bulo mai inci 9 za a sa, sai ga shi an ɗora mai inci 6 tun daga sahu na huɗu har linta. Hoto na 5 kuma gefen daɓen ɗakin girki ne, inda babu ledar da ke hana danshi tasowa, alhali tana cikin jerin kayan da na biya. Hoto na 6 tagar ɗakin baƙi ce, an rage faɗinta daga mita 1.5 zuwa 1.2.

Ba ka nemi izinina kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma sashe na 7 na yarjejeniyarmu ya ce ba a sauya komai sai da amincewata a rubuce. Ni ma ban gaza maka ba: kashi na ɗaya da na biyu na kuɗin aikin sun shiga hannunka a kan lokaci, rasit ɗinsu na wurina. Da tsadar kaya ce ta matsa maka, da ka zo mun zauna. Ban taɓa rufe maka ƙofa ba.

Don haka daga yau a dakatar da shirin zuba dakin. Ina so ka aiko mini da amsa a rubuce zuwa ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, da bayanin yadda za ka yi gyaran. A fasa ginshiƙan biyar a sake su da rodin da ke cikin zane, sauran kuma a buɗe wa injiniyana ya auna. Kada a zuba kankare a ko'ina sai ya ga ƙarfen da idonsa ya sa hannu. A sauke bangon biyu a mayar da bulo mai inci 9, a fasa daɓen ɗakin girki a shimfiɗa leda, a gyara tagar. Duk kuɗin wannan gyara a wuyanka yake.

Na ba ka kwana 21, wato zuwa ranar Litinin, 27 ga Oktoba, 2025. Kashi na uku na kuɗin zai tsaya a hannuna har a kammala. Idan wa'adin ya cika ba a yi ba, zan soke kwangilar kamar yadda sashe na 12 ya ba ni dama, in ba wani ya gyara, in bi ka kuɗin ta hannun lauyana.

Ba na fatan mu kai can. Mutunci ne ya haɗa mu, kuma da kai nake so a ƙarasa gidan nan. Zan kasance a wurin aikin ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe tare da injiniyana. Ka zo da naka kwafin zanen.

Wassalam.

Ni ne mai aikin,
Malam Usman

Abin da aka haɗo: hotuna 6 da kwafin yarjejeniya. An ba shaidunmu biyu kwafin wannan takarda.