Tsarin bitar makonni uku kafin jarrabawar ƙididdiga: na Hadiza

Hadiza, mun duba takardun gwajinki guda biyu. A ɓangaren matsakaici da zanen jadawali ba ki da matsala, makinki yana zubewa ne a furobabiliti, wato lissafin yiwuwa, kuma kusan kullum a wuri ɗaya: kina ɗauko fomula kafin ki ƙirga abin da ke gabanki. Don haka kwana goma sha huɗu na farko nasa ne. Ki fara Litinin ɗin nan. Jarrabawa tana Litinin ta huɗu, rana ta 22.

Kowace rana zama biyu ne. Awa ɗaya da rabi bayan sallar Asuba don sabon abu, sai awa ɗaya bayan La'asar don warware tambayoyi, littafi a rufe. Kada ki sa karatu mai nauyi tsakanin Azahar da La'asar, zafin Sakkwato ba zai bar shi ya zauna ba, kuma kada ki dogara da dare tunda wuta ba ta da tabbas. Juma'a zaman safe kawai. Ki tanadi littafi ɗaya na kurakurai: duk tambayar da kika faɗi, ki rubuta ta, ki rubuta a wane layi kika kauce.

Mako na farko: ƙirga

Rana ta 1 da ta 2, ba fomula. Ki ɗauki ƙwayar ludo biyu, ki zana tebur mai gida 36, ki amsa komai da ƙirgen gidaje. Jimilla 7 tana fitowa a gida 6, wato 6/36. Jimilla 12 a gida ɗaya tak.

Rana ta 3, ƙa'idar tarawa: P(A ∪ B) = P(A) + P(B) − P(A ∩ B). Jefa ƙwaya ɗaya, a ce a samu 2, 4 ko 6, ko kuma lamba sama da 3. Wanda ya tara 3/6 da 3/6 zai samu 1, kamar abin dole ne ya faru, alhali 1 da 3 suna nan ba su shiga ko'ina ba. An ƙirga 4 da 6 sau biyu ne. Cire 2/6, amsa 4/6.

Rana ta 4 da ta 5, ɗauka da mayarwa da ɗauka ba mayarwa. A leda akwai jan goro 5 da fari 3, an zaro biyu. In ba a mayar da na farko ba, yiwuwar duka ja ita ce 5/8 × 4/7 = 5/14, kusan 0.357. In an mayar, 5/8 × 5/8 = 25/64, kusan 0.391. Ki ja layi ƙarƙashin kalmar da ta nuna wanne ake nufi kafin ki taɓa biro ga lissafi. A nan ne kuma za ki raba abubuwa biyu da kike cakuɗawa: waɗanda ba sa faruwa tare, P(A ∩ B) = 0, da waɗanda ba ruwan ɗaya da ɗaya, P(A ∩ B) = P(A) × P(B). Ba abu ɗaya ba ne. Hasali ma in A da B ba sa haɗuwa, faruwar A ta gaya miki B bai faru ba, to ai akwai ruwansu da juna.

Rana ta 6 ta Bayes ce, kuma a nan ki daɗe. Kada ki haddace doguwar fomular tukuna, ki mai da tambayar ƙirge. Dillali yana sayen kashi 60 cikin ɗari na albasarsa wurin manomi na farko, kashi 5 nata ruɓaɓɓe. Kashi 40 wurin na biyu, kashi 10 nata ruɓaɓɓe. An ɗauko ɗaya, ruɓaɓɓiya ce. Mece ce yiwuwar ta na biyu ce? Ki ɗauka albasa 1,000 ce. Na farko 600, ruɓaɓɓu 30. Na biyu 400, ruɓaɓɓu 40. Ruɓaɓɓu duka 70, na mutum na biyu 40, amsa 40/70, kusan 0.571. Wanda ya rubuta 0.10 ya amsa wata tambaya dabam: P(ruɓa | na biyu), ba P(na biyu | ruɓa) ba. Abin da ke bayan sandar shi ne abin da aka riga aka sani, shi ne kuma ke zama a ƙasan kaso. Ki yi guda takwas irin wannan, sannan ki duba fomula, za ki ga abin da kika yi ne aka rubuta da alamomi.

Rana ta 7, gwaji: tambaya goma cikin awa ɗaya. In kin ci ƙasa da bakwai, ki maimaita rana ta 4 da ta 6 a zaman La'asar na Litinin da Talata.

Mako na biyu: rabe-raben yiwuwa

Rana ta 8, E(X) = Σx·P(x) da Var(X) = E(X²) − [E(X)]². Bariyans ba ya zama ƙasa da sifiri. In ya fito haka kin juya ragin.

Rana ta 9 da ta 10, binomiyal. Tambaya 10, kowace zaɓi huɗu, ɗalibi yana canki-canka. Yiwuwar ya ci uku daidai ita ce 10C3 × 0.25³ × 0.75⁷ = 0.2503. Mutane suna manta 10C3, wanda shi ne 120. A kalkuleta Casio fx-991ES, nCr yana kan SHIFT sannan ÷. Rana ta 11, Poisson: in λ = 2, P(0) = 0.1353. Duk inda kika ga "aƙalla ɗaya", ki cire P(0) daga 1, wato 0.8647, kada ki tsaya tara 1, 2, 3 har lokaci ya ƙare.

Rana ta 12 da ta 13, nomal. Buhun shinkafa, μ = 50, σ = 2, ana son yiwuwar ya wuce kilo 53: z = (53 − 50)/2 = 1.5. Ki zana ƙararrawar ki shafe gefen da ake tambaya, kullum. Wani tebur yana ba da 0.9332, wani 0.4332 saboda daga tsakiya yake farawa. Na farko ki cire daga 1, na biyu daga 0.5, duka 0.0668 ne. Ki tambayi malaminku irin teburin da za a raba a zaure, ki yi bita da shi kaɗai. Rana ta 14, gwaji na awa ɗaya da rabi.

Mako na uku: sauran kwas da tsoffin takardu

Rana ta 15 da ta 16, tazarar amincewa da gwajin hasashe. Da n = 36, σ = 12, matsakaici 60, sai ki raba σ da √n ki samu 2, tazarar kashi 95 ta zama 60 ± 1.96 × 2, wato 56.08 zuwa 63.92. Mantawa da √n shi ne kuskuren da ya fi yawa. In ba a ba da σ ba kuma samfurin ƙarami ne, teburin t za ki buɗe da n − 1. Rana ta 17 ta ishe ki korileshan da rigireshan, tunda kin iya su.

Rana ta 18 da ta 20, cikakkiyar tsohuwar takarda, awa uku, agogo a gaba, waya a wani ɗaki. Ki nemi ƙawa ta duba miki da biro ja. Rana ta 19 littafin kurakurai kawai, ki sake warware kowace tambaya daga farko ba tare da leƙen gyaran ba.

Rana ta 21, minti arba'in da safe ki karanta shafi ɗaya na fomuloli da kika rubuta da hannunki, shi ke nan. Ki sa kalkuleta, biro biyu, rula da katin jarrabawa a jaka tun kafin Magariba, ki kwanta bayan Isha'i.