Amsa ga Masu Bitar Maƙalarmu Kan Rigakafin Ƙyanda

Ranka ya daɗe Edita,

Mun gode da gyare-gyaren da masu bita suka nema. Mun duba su ɗaya bayan ɗaya.

Mai bita na 1

*Ba a bayyana yadda aka tabbatar da rigakafi ba.* Gaskiya ne. Yanzu mun raba yaran gida biyu: masu katin rigakafi, da waɗanda muka dogara da bakin uwa. Sau da yawa uwa kan nuna tabon kafaɗa, alhali tabon allurar BCG ta tarin fuka ne, ba ta ƙyanda ba. Mun sake lissafi da masu kati kaɗai, sakamakon bai sauya alkibla ba (Jadawali na 3).

*Kalmar "haddasawa".* Mun cire ta. Bincikenmu na lokaci guda ne, alaƙa kawai yake nunawa.

Mai bita na 2

*A cire yankunan karkara.* A nan, da girmamawa, ba mu yarda ba. Can ne yaran da ba su samu allura ta biyu ba suka fi yawa; cire su zai ɓoye ainihin matsalar. Mun dai faɗaɗa bayanin gazawar samfurin a shafi na 14.

Takardar amincewar kwamitin ɗa'a na haɗe.

Wassalam,
Jagorar marubuta