Wasiƙa zuwa ga Alhaji a Kantin Kwari kan yadin Sallah

Babbar Kasuwa, Azare
13 ga Janairu, 2025

Alhaji Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali da yaran shago. Yaya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Samfur uku da ka ba direba ya kawo mini ranar Alhamis sun iso, na gode. Farin da ruwan ƙasan sun kwanta mini, kuma niyyata in ɗauki bandir 40, fari 25, ruwan ƙasa 15. Azumi saura wata ɗaya da rabi, kuma ka san telolinmu, da an kai goma ga wata sai su daina karɓar ɗinki. To amma kafin in tura kuɗi akwai abin da nake so ka warware mini.

Na farko zaren. A bakin farin an buga 100% auduga. Na zare silli biyu na sa musu ashana. Na tsawon ya ci da wuta sarai, ya yi ƙaurin takarda, ya bar toka mai laushi. Na faɗin kuwa sai ya nannaɗe, ya yi warin leda, ya bar wani ɗan baƙin ƙullutu mai tauri da na kasa murƙushewa da yatsa. Wannan roba ce, Alhaji. Ba na zarginka, na san kai ma haka ka karɓo shi, kuma ni ba na ƙin yadi mai gauraye: bai cika yamushewa ba, yana ƙarko, masu ɗinka wa yara ma shi suka fi so. Abin da nake nema shi ne in san kason. Irin mai roba 65 da auduga 35 ne, ko audugar ce ta fi yawa? Sallar bana a ƙarshen Maris za ta faɗo, tsakiyar zafi. In na ce wa dattijo auduga ce zalla, ya je filin idi gumi ya jiƙe shi, ko mai guga ya ɗora dutse ya bar masa tabo mai sheƙi a ƙirji, wurina zai dawo.

Ruwan ƙasan ya ƙone ƙurmus kamar auduga, sai dai santsinsa da yadda yake zubowa a hannu sun sa ina tunanin akwai biskos a ciki, shi kuwa ashana ba ta rarrabe shi da auduga. Don Allah a duba takardar da ta zo da dilar, a ɗauko mini hotonta.

Sai tsukewa, wadda ita ce ta fi damuna. Bara na sari wani yadi a hannun wani dila, ba a wurinka ba, ban gwada ba. Wani malamin makaranta ya yanki yadi biyar-biyar shi da ƙaninsa. Wanki ɗaya, wando ya ɗage sama da idon sawu, hannun kaftani ya tsaya nesa da agogo, wuya ya ƙi maɓalli. Ya zo da kayan a leda ya shimfiɗa su a kan tebur gaban mutane, bai ɗaga murya ba. Na biya yadi, na biya ɗinki, har yau bai sake takowa shagon ba.

Shi ya sa wannan karon na auna inci 36 a jikin kowane samfur, na yi alama da biro, aka wanke sau uku da ruwan sanyi, aka shanya, aka goge. Farin ya tsaya a 35 da rabi, wannan ba komai. Ruwan ƙasan ya dawo 34. Inci biyu a kowane yadi ke nan, kaftani mai tsawon inci 45 zai rasa biyu da rabi. Shin masana'anta ta riga ta tsuke shi kafin a naɗe, ko sitati ne kawai ya riƙe shi? Kuma abin da ke sito duk rini ɗaya ne da samfurin, ko zuwa biyu ne? Ruwan wankin farko ya ɗan yi launi, na biyu ya fita fes.

Ka kuma faɗa mini faɗinsa, 58 ne ko 60, da yadi nawa ke cikin bandir, kuma da yadi aka auna ko da mita.

Ga shawarata, in ta yi maka: ka fara aiko bandir ɗaya-ɗaya daga ainihin dilar da za a ba ni, in biya, in yanka in sake wankewa. In sun yi daidai, cikin mako zan tura kuɗin sauran gaba ɗaya. In ruwan ƙasan ya sake tsukewa haka, zan ɗauki biyar kawai, in riƙa gaya wa masu saye su jiƙa shi kafin su kai wa tela, sauran goman a cika mini da fari.

Ina jiran amsarka kafin Juma'a. A gaida mutanen gida.

Naka,
Habu mai yadi