Takardar da Ta Sha Mai

Da la'asar aka kira Malama Rakiya tana tsaka da tankaɗe. Muryar dattijo ce, mai ladabi, ya ambaci cikakken sunanta da ajin da take koyarwa. Ya ce daga Dutse yake kira, ana tantance malaman da za su je bita lokacin hutu, za a turo mata lambobi 6 ta karanto masa. Ta goge garin hannunta a zani ta karanto. Ya ce ba ta shiga ba, ga wata nan tafe, wadda ta fara da `G-`. Ita ma ta karanto. Har addu'a ya yi mata kafin ya kashe.

Sai bayan magariba, da Sadiƙu ƙanen mijinta ya karɓo wayar daga shagon mai caji, ta ga abin da ya faru. WhatsApp ya fitar da ita. Ta buɗe Gmail, ya nemi kalmar sirri. Ta rubuta sunan ɗanta da shekarar haihuwarsa kamar kullum, aka ce `Wrong password`. Ta sake a hankali, harafi bayan harafi. Haka dai.

A can ne makin lissafin 'yan aji 2 na ƙaramar sakandare yake, yara 58, a cikin Google Sheets ɗin da ta koya a zangon farko. Gwaji biyu mai maki 20 kowanne, jarrabawa mai maki 60. Zango na uku ne, wanda da shi ake sanin mai wucewa da mai maimaita aji. Gobe Alhamis ƙarfe 8 za ta miƙa wa malamin jarrabawa, Juma'a a raba kati. Tun da ta ga waya na yi mata jimla da kanta ta daina cika babban littafin maki, har tana yi wa abokin aikinta Malam Isa tsiya cewa shi da jan biro mutu-ka-raba.

Wayar ta yi ƙara. Yayarta ce daga Ringim.

"Rakiya, lafiya? Wane ne ba lafiya da kike neman dubu 30 cikin dare?"

"Yaya, ba ni ba ce. Don Allah kada ki tura ko sisi. Ki gaya wa su Inna."

Sadiƙu ya ce, "Anti, mu je bakin tanki, can ne sabis ke kamawa."

An yi yayyafi, ƙasa ta jiƙa, kwaɗi sun cika fadama da kuka. A gindin tankin ruwa suka tsaya, Sadiƙu ya ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Ya sake shigar da lambarta a WhatsApp, saƙo ya zo, ya saka. Ya ce wannan kaɗai ya isa ya fitar da ɓarawon. Amma sai aka nemi wasu lambobin sirri 6 da ita ba ta taɓa sakawa ba. Mutumin ya kulle ƙofa ya tafi da makulli, sai an jira kwana 7. Gmail kuwa sun bi tambayoyinsa har sau uku, ba a yarda cewa ita ce mai shi ba. Lambar wayar da ake nuna ƙarshenta a allon ba tata ba ce.

Ta zauna a kan dakalin famfo. Ba makin ne ya fara zuwa ranta ba, kunya ce. Ita ce a garin nan mata ke kawo wa waya ta karanta musu saƙon banki. Ita ce ta tsaya gaban aji ta ce kada kowa ya ba baƙo lambarsa.

Ta kira Malam Isa. Ya yi salati, ya jajanta, sannan ya rage murya.

"Malama, takardun jarrabawa suna wurinki ai?"

"Suna cikin buhu a ɗaki. Na gwaji ne na mayar wa yara tun watan jiya."

"To ki duba abin da kowa ya ci a jarrabawa ki ƙiyasta masa na gwaji. Kin san yaranki. Wa zai bincika?"

Ta yi shiru. Ta san yaranta, shi ya sa ma. Ta san Habu da ya ci gwajin farko da kyau, sannan damina ta faɗi, gona ta ɗauke shi mako uku, jarrabawa ta zo masa a karkace. In ta ƙiyasta, Habu ya maimaita aji.

A gida, mijinta Malam Garba ya gama jin bayani yana jan carbi. Bai ce mata komai a kan lambobin ba, abin da ta gode masa a zuci. Ya zura takalmi kawai.

"Bari in tarar da liman kafin a tashi daga isha'i."

Ba a jima ba lasifikar masallaci ta yi kukan nan nata, muryar ladan ta ratsa gari: duk ɗan aji 2 da ke da takardar gwajin lissafi ta Malama Rakiya ya kai mata gida yanzu, iyaye a taimaka.

Ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta kunna fitilar sola, ta ja layi a tsakiyar sabon littafi da bakin faranti. Da farko ba kowa. Can sai ga hasken tocila ɗaya, sai biyu, sai tsakar gida ta cika da takalma. Wasu takardun a ninke cikin littafi, tsaf. Wata an ciro ta daga ƙarƙashin katifa. Wata akuya ta ci gefenta, amma ta bar makin. Sadiƙu na kiran suna, ita tana rubutawa, tana duba jan bironta a kan kowace kafin ta yarda.

Wajen ƙarfe 10 Iya Abu mai ƙosai ta shigo riƙe da hannun jikarta Safiya, yarinyar na sharɓe hawaye.

"Malama, ni ce mai laifi. Ban san abin amfani ba ne, na ƙunsa ƙosai da ita. Gida uku na bi kafin na samo ta a bola."

Takardar ta sha mai har ana ganin yatsu ta bayanta. Malama Rakiya ta ɗaga ta saitin fitila. Shuɗin rubutun yarinyar ya narke, amma a kusurwar sama jan da'irar tana nan, da 17 a ciki.

"Share hawayenki, Safiya. Ga shi nan, 17."

Habu ne ya zo ƙarshe, ƙafafunsa duk taɓo. Ya miƙa ta gwajin farko, 18. Ta biyun ya ce ruwa ya ci ta a gona.

"Ka tuna nawa ka ci?"

Ya sunkuyar da kai. Sadiƙu ya yi masa ido, irin na ka faɗi da yawa mana.

"Shida, Malama."

Ta rubuta 6 da fensir, ta sa ɗigo a gefe.

Sauran daren ita da buhu ne da kalkuletar wayar Malam Garba. Yara 9 na ƙauyukan gefe ba su ji shela ba, sai da asuba Sadiƙu ya ari babur ya bi su, ya dawo da takardun yara 6. Fitila ta mutu kafin kiran sallar farko, ta ƙarasa da tocila a maƙale tsakanin kafaɗa da kumatu.

Ƙarfe 8 saura ta ajiye littafin a teburin malamin jarrabawa. Ya bi layin da yatsa har ƙasa, ya tsaya.

"Waɗannan ukun fa, babu komai?"

"Sun ce za su zo da takardunsu kafin tara. In ba su samo ba, zan yi musu wani gwajin a ƙarƙashin darbejiya, a ba ni awa ɗaya."

Ya dubi idanunta da suka yi ja, ya dubi agogo, ya tura mata kujera da ƙafa. Ta zauna ta fuskanci ƙofa. Daga nesa, ta kan hanyar gona, wata yarinya na tahowa da gudu, ta ɗaga takarda sama don kada raɓar gero ta jiƙa ta.