Takardar neman biyan bashi ta ƙarshe, kafin mu haɗu a kotu

Litinin, 6 ga Oktoba 2025
Daga Alhaji Nasiru, Kantin Kwari, Kano
Zuwa ga Malam Habu mai shago, Kasuwar Rimi

Assalamu alaikum Malam Habu, da fatan kana lafiya ya iyali.

Wannan ita ce takarda ta ƙarshe da zan rubuto maka kan maganar kuɗina, na turo ta WhatsApp kuma yarona zai kawo maka kwafi har shago ka sa hannu a kan ka karɓa, saboda kar gobe a ce saƙo bai iso ba.

Ran 10 ga Fabrairu 2025, ana shirin azumi, ka ɗauki atamfa turmi 120 a kan naira 14,000 kowanne, ya kama 1,680,000, da shadda yadi 200 a kan 4,500, ya kama 900,000. Duka 2,580,000. Ka ba da 600,000 a ranar, ka ce ragowar da an sauko daga idin ƙaramar salla zan ji alat. Sai 22 ga Afrilu ka turo 400,000, sai kuma 150,000 ran 18 ga Yuni bayan babbar salla, shi ma sai da Malam Isiyaku ya taka ƙafa ya same ka. Abin da ya shigo hannuna kenan 1,150,000. Saura naira 1,430,000, kuma su kaɗai nake nema, ban ɗora ko kwabo a kai ba duk da atamfar yau ba kuɗinta kenan ba, ni ba na cin riba a kan bashi.

Rasit ɗin da ka sa wa hannu yana nan, sitatimen na banki yana nan, saƙon muryar da ka turo ran 2 ga Agusta inda ka ce da bakinka “saura miliyan ɗaya da ɗari huɗu da talatin, a ƙara min haƙuri” shi ma ban goge ba. Malam Isiyaku da Sabi'u da suka loda kayan a adaidaita suna raye kuma sun yarda za su ba da shaida.

Na ba ka kwana 14 daga yau, wato zuwa ƙarfe 4 na yamman Litinin 20 ga Oktoba 2025, ka biya ta asusun nan dai da ka saba turo min, ko ka kawo shago a rubuta maka rasit. In ba za ka iya haɗa su a dunƙule ba to ka kawo 730,000 kafin ranar, sauran 700,000 a raba biyu, 350,000 ƙarshen Nuwamba 350,000 ƙarshen Disamba, amma a rubuce gaban shaidu biyu, don maganar baka dai mun gwada mun ga inda ta kai mu. In akwai atamfar da ba ta shiga ba kuma tana cikin ledarta ba ta sha rana ba, dawo da ita zan karɓa a farashin da na ba ka a cire daga lissafi. In kuma kana ganin lissafina da gyara, rubuto min cikin kwana 7 da hujjarka mu zauna.

Idan ranar ta wuce shiru, zan shigar da ƙara a kotun ƙananan ƙararrakin bashi da ke ƙarƙashin kotun majistare nan Kano ba tare da na sake sanar da kai ba, in nemi kuɗina da kuɗin da shari'ar ta ci min, wannan takardar kuma tana cikin abin da zan miƙa wa alƙali.

Kuma ka kwantar da hankalinka kan jita-jitar da ake yawo da ita a kasuwa wai zan sa a kama ka. Ba zan kai ka wajen 'yan sanda ba, bashin ciniki ba aikinsu ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum kan irin wannan. Ba zan turo yara su kwashe maka kaya ko su garƙame shago ba, ba zan saka hotonka a Facebook ba, ba kuma zan je gidan surukanka in tona maka asiri ba, duk da akwai masu zuga ni in yi. Abin da alƙali ya yanke shi zan bi.

Na san Allah ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin matsi, kuma na jinkirta, wata shida kenan da wucewar alkawari, alhali shagonka a buɗe yake kana ta sauke sabon kaya daga wajen wasu. Ni ma masu kayan suna bina kuma ba sa jin “a ƙara haƙuri”.

Ina jiran amsarka a rubuce.

Wassalam,
Alhaji Nasiru